Takarda da Ƙullin Magarya

Lokacin sanyi ne, ana tsakiyar tsintar auduga. A shekarar nan auduga ta yi kyau, gonaki sun yi fari fat har bakin kogi, kowa a ƙauyenmu na Hausawa, a nan ƙasar Larabawa, yana fita da asuba ya dawo da faɗuwar rana. Ni kuwa ban fita ko sau ɗaya ba. 'Yata ta biyu, mai shekara bakwai, tana kwance tun ƙarshen damina da zazzaɓin da ba ya tafiya. Ya sauka da safe, ya dawo da yamma. Hannuwanta suka zama kamar kara, cikinta kuma yana ta girma ta gefen hagu.

Mun yi rubutu, mun yi jiƙe-jiƙe. Daga baya na goya ta zuwa shafahana, ɗan ɗakin shan maganin da ke ƙauyen gaba da mu. Hakim, mai ba da magani a wurin, ya danna cikin. Sannan ya ce saifa ce ta kumbura, kuma ciwon ba irin wanda ƙwaya ke kashewa ba ne. Sai an kai ta babban asibiti a birnin Wad Madani, a gwada ta, a yi mata allura kullum kusan wata guda. Ya ce kada mu jira a gama auduga.

Mijina ba zai iya barin tsinta ba, da ita za mu ci har damina. Ni ce zan tafi. Ban taɓa zuwa Madani ba, kuma matan da suka yi jinya can sun ce mai jinya tana bukatar gidan da za ta dafa wa mara lafiya abinci, ta yi wanki, ta ɗan miƙe bayanta. Mutum ɗaya na sani a garin duka: ƙawata ta makarantar allo.

Tare muka fara haruffa a zauren Malam, kafaɗa da kafaɗa. Mahaifinta tela ne. Muna 'yan mata ya kwashe iyalinsa ya koma Madani da kekensa, shi ke nan. Ba faɗa, ba komai. Na yi aure, ta yi aure, shekara ashirin suka wuce ban aika mata ko gaisuwa ba, ita ma haka. Abin da na sani shi ne ta auri wani Balarabe mai kanti a kasuwa, kuma ana cewa a gidan ba a jin Hausa.

Ina zuwa ajin yaƙi da jahilci na mata tun bara waccan. Wata malama Balarabiya ke koya mana bayan la'asar, da Larabci. Na iya haɗa jimla, a hankali. Sai na ce zan rubuta mata da hannuna, kada sirrina ya bi ta bakin mai rubuta wa mutane wasiƙa a kasuwa.

Na yago takarda daga littafin ɗana na makaranta. Ta farko na rubuta ta yadda aka koya mana a aji: zuwa ga mai girma, bayan gaisuwa mai yawa, idan kun tambaye mu muna lafiya, ba abin da ya rage mana sai ganin fuskokinku. Na karanta wa Inna, uwar mijina, ina fassara mata.

Ta ce, "Wannan ƙawarki za ki kai wa ko mufattishi, jami'in auduga na gwamnati?"

Na sake wata. A wannan na zuba komai: zazzaɓin, saifar, abin da hakim ya ce, na roƙe ta don Allah don Annabi ta ba ni wurin kwana. Ina rubutu hawaye na ɗiga. Inna ta saurara har ƙarshe, ta gyara zama.

"Ke 'yar nan, shekara ashirin ba ki ce mata ci kanki ba, yau ki faɗa mata gida da kuka? In ba ta da hali fa? Kin sa ta a tsaka. Ta ce a'a ta ji kunya, ta ce i miji ya hana."

Na ce, "To Inna, yarinyar mutuwa za ta yi ina tsara magana?"

Na tsorata da abin da bakina ya furta. Na leƙa ɗaki, na ga ƙirjin yarinyar yana ɗagawa, na dawo.

Da yamma ƙanen mijina ya shigo. Shi ke tuƙa lorin da ke kai gawayi Madani, kuma shi zai kai takardar, don ya san kantin. Shi ya ƙara mini wani tsoron. Ya ce ba zai iya shiga gidan mutane ya miƙa wa matar aure takarda ba. Sai dai ya ba mijinta. Mijin ne zai buɗe, ya karanta, wataƙila a gaban uwarsa da 'yan'uwansa mata, don tare suke zaune. Ita ƙawata ma bai sani ba ko ta iya karatun da ya wuce na allo.

Inna ta ce a haɗa mata da daddawa, ta san ta yi kewa.

Ya yi dariya. "Inna, daddawa? Tun daga bakin titi za a san daga ina ta fito. Ba mu san abin da ta gaya wa dangin mijinta ba. Wasu namu a birni ko gaisuwar Hausa ka yi musu sai su waiga su ga ko an ji."

Ashe takardata za ta iya yi mata ɓarna a gidanta. Kuma in ta ji haushina, ƙofar ta rufe ke nan, ba ni da wata.

Washegari na zauna a gindin katanga inda rana ke bugawa, yarinyar na kwance a cinyata, na fara ta uku. Na yi ta cirewa fiye da yadda nake sawa.

Na so in gaishe da mahaifinta da mahaifiyarta da yayyenta, kowa da sunansa, kamar yadda ake yi. Sai na tuna ban san wanda ke raye ba. In na gai da mamaci na tayar mata da ciwo, na kuma nuna ban je ta'aziyya ba. Na rubuta gaisuwa ga maigida da farko, tunda shi zai karanta, sannan ita, sannan duk wanda ke gidan, babba da yaro.

Na so in ba da haƙuri kan shirun da na yi. Na fara, na goge. In na ce na yi laifi, ita ma sai ta nemi nata uzurin, mu ɓata takardar a kan wa ya fi wa. Na bar shi da cewa an daɗe.

Na sa sunana da na mahaifina, na ce ni ce wadda muke zama tare a makarantar Malam, don ban sani ba ko sunan kaɗai zai isa. Sannan na nemi abu ɗaya da za ta tuna wanda ba zai kunyata ta a gaban surukai ba. Akwai ranar da ta faɗa tabkin bayan gari da allonta, amma wannan na mu biyu ne. Na zaɓi magaryar bayan gidan Malam, wadda muke jifa in an tashe mu. Na rubuta cewa tana nan, ta tsufa, har yanzu tana 'ya'ya, na wuce ta na tuna da ita. Magarya kowa na ci a ƙasar nan, ba ta nuna asalin kowa.

Na ba ta labarina a layi biyu: ina da 'ya'ya huɗu, na shiga aji da girmana, wannan rubutun hannuna ne, ta yi haƙuri da karkacewarsa. Wurin da na fi daɗewa shi ne na ƙarshe. Ba na son in yi ƙarya, ba na son in roƙa. Na rubuta cewa zan shigo Madani kwanan nan da 'yata, in tana da sarari zan so in tsaya in gaishe ta, in kuma ba ta da shi ba komai, wannan gaisuwar ta isa.

Na karanta wa Inna. Ta ce, "Ba ki faɗi ciwon ba."

Na ce ban faɗa ba.

Na je na tsinto magarya, na zaɓi jajaye, na ƙulle a ƙyalle mai tsabta. Na ja kunnen ƙanen mijina kada ya ƙara ko kalma ɗaya a kan abin da ke takardar.

Lorin ya tafi. A kwanakin nan yarinyar ta fara haɓo. Jinin ya ƙi tsayawa sai da na danne hancin da tsumma mai sanyi na daɗe. Ta daina neman ko kunu. Duk ƙarar motar da na ji sai in fita bakin ƙofa. Na yi ta zagin kaina a zuci: ga takardar da ke faɗin gaskiya a ƙarƙashin tabarma, na aika mai zancen magarya. In suka karanta suka ce madalla, suka ajiye, wa zan kama? Na yanke cewa ko amsa ta zo ko ba ta zo ba, zan tafi, in kwana a gindin bishiyar asibiti. Amma ga sanyin da ake yi, ga yarinya ba lafiya.

Ƙanen mijina ya dawo wata rana da la'asar, fuska duk baƙin gawayi. Ba takarda a hannunsa. Na tsaya riƙe da ludayi.

Ya ce mijin ya karanta a kanti, ya yi murmushi, ya ce ya biyo shi gida shan shayi. Yana tsakar gida aka karanta wa ƙawata, da uwar mijin a zaune. Ta amsa da Larabci, ta ce marhaba, 'yar makarantarmu ce tun muna yara, ta sauka a nan. Uwar mijin ta ɗebi magarya tana ci.

"Da na fito," in ji shi, "sai na ji an ce kai daga bayan ƙofa. Da Hausa, ƙasa-ƙasa. Ta ce, wa ke da ciwo, ita ko ɗiyar?"

Na ce, "Ka faɗa mata?"

"Ni ban faɗa ba, ita ta faɗa. Ta ce ba macen garinmu da za ta bar auduga a gona ta zo birni gaisuwa. Ta ce in gaya miki har yanzu ba ki iya ɓoye abu ba."

Inna ta yi dariya har da tari. Ni kuwa na zauna a kan turmi.

Ya ce akwai saura. Akwai ɗaki kusa da madafa, za ta share. Asibitin ba nisa, za ta raka ni ranar farko don ta san ƙofar da ake bi. Amma a gaban tsohuwar mu yi Larabci, ni da yarinyar duka. In mun shiga ɗaki ni da ita, in ji ta, sai mu yi tamu.

Wannan ta ɗan soke ni, ba zan ɓoye ba. 'Yata ba ta iya Larabci sosai ba, kuma in zazzaɓi ya tashi da Hausa take kirana. Na yi ta tunanin yadda zan rufe mata baki a gidan mutane. Amma ɗaki ne, da murhu, da wadda ta san hanya.

Da gari ya waye na ɗaure kayanmu a zane, na sa tukunya ƙarama da bargo. Inna ta cusa daddawa a cikin gwangwani, ta naɗe shi da tsumma ninki-ninki, ta tura can ƙasan kayan, ban hana ta ba. Na goya yarinyar, ba ta fi nauyin jariri ba, na fita bakin hanya inda lorin ke jira. Ƙanen mijina ya ba mu kujerar gaba. Muna tafiya ina koya mata yadda za ta gai da tsohuwar.