Baƙin Inna

Inna ta rasu da safiyar Talata, kafin azahar an kai ta. Gidanmu yana cikin lungu ne bayan Kasuwar Kurmi, inda ko makara sai an karkata ta take fita, kuma da maza suka dawo daga maƙabarta tuni mata sun shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Duk dangi ne da maƙwabta. Ni kuwa idona yana kan zaure, ina jiran wasu mutane daban.

Mahaifiyata ba ta da shago, ba ta da allo a ƙofar gida, amma tun ina yarinya mata suke zuwa wurinta. Wadda haihuwa ta yi wa nisa, wadda ciki ba ya zama a jikinta, wadda ke da abin da ba za ta iya faɗa wa miji ba. Wata ta ba ta saiwa, wata ta ce mata wannan na asibiti ne, tashi ki tafi, wata kuma sauraro kawai take nema. Sukan shigo cikin dogon hijabi, su wuce ɗakinta, a saki labule. Inna ba ta taɓa haɗa biyu a lokaci ɗaya ba, kuma ba ta kiran kowa da suna, baƙuwa kawai take cewa. Ko a wayarta haka ta ajiye su: Baƙuwa ta Jakara, Baƙuwa mai tabo, Baƙuwa mai yawan kuka. Ni ma da aurena ya daɗe shiru, ɗakin na shiga ta saki mana labule kamar kowa.

A jinyarta ta ƙarshe abu ɗaya ta roƙe ni. Ta ce in ta tafi in sanar da baƙinta, su yafe mata, amma kada wata ta san da wata.

Yayana, babban namiji a gidan, shi komai a wurinsa sauƙi ne. Da na faɗa masa a bakin zaure cewa ya yi:

“To mene ne abin wahala? Ki buɗe guruf a waya ki zuba su duka, ki rubuta sanarwa, shi ke nan.”

Na ce, “Yaya, a guruf kowa yana ganin lambar kowa. Wata za ta ga lambar ƙanwar mijinta, wata ta ga ta maƙwabciyarta. Ka san abin da ya kawo su wurin Inna ai.”

Ya ɗaga kafaɗa ya koma wurin masu gaisuwa. Raina ya ɓaci, don na san da lambobin abokan kasuwancinsa ne da ba haka zai ce ba.

Na san akwai wata hanya, wadda ake kira burodkas. Ka zaɓi mutane da yawa, ka tura saƙo sau ɗaya, ya shiga wa kowa shi kaɗai kamar shi ka nufa. Ba wanda zai ga sauran, in ya amsa ma kai kaɗai za ka gani. Amma ban iya tura komai daga wayar Inna ba, hannuna ya ƙi. Sai na kwashe lambobin baƙin zuwa wayata, na haɗa su, na rubuta sanarwa na tura.

Shiru. Na duba da yamma, na duba da safe. In ban da ’yan tsiraru, duk alama ɗaya ce a gaban saƙon, wato ya fita daga wayata amma bai isa ba. Ba wadda ta amsa, ba wadda ta zo. Na zauna ina cizon yatsa, ina cewa a raina duniya ke nan, matar da ta rufa musu asiri shekara da shekaru, yau ko Allah ya jiƙanta ba su iya cewa ba.

’Yar Goggona ce ta warware mini. Tana sayar da kayan kicin ta waya, sanarwar sabon kaya kullum ta wannan hanyar take yi. Ta same ni a ɗakin Inna, ta kalli wayata ta ce:

“Ke ma dai. Burodkas ai ba ya shiga sai ga wanda ya yi sebin ɗin lambarki, ya ajiye ta a wayarsa. Su waɗannan ina suka san ki? Lambar Inna gare su. In kina so ya isa, sai dai daga wayarta.”

Ta ɗauki wayar Inna daga kan gado, ta ɗan ja ƙasa cikin hirarrakin, ta nuna mini wani burodkas mai hoton lasifika. An sa masa suna Juma’a. Ashe Inna tana da nata tun da daɗewa. Ta miƙo mini wayar ta fita, ta ja labulen.

Bayan la’asar ne. Ɗakin yana nan yadda ta bar shi, ƙamshin turarenta a jikin labule, carbinta rataye a ƙusa, takalmanta a bakin gado kamar yanzu za ta zura ƙafa. A waje wata malama tana ja wa mata addu’a, suna amsawa ƙasa-ƙasa. Na tuna yawancin baƙin Inna ba sa karatun boko, murya take tura musu. Sai na buɗe Juma’ar a wayarta, na danna na yi magana. Na yi sallama, na ce ’yarta ce, Allah ya yi wa Inna rasuwa jiya, ta bar saƙo a yafe mata, gobe ne addu’ar uku. Na saki yatsa, saƙon ya tafi.

Wayata ta yi ƙara a kan katifa.

Na juya. Sunan da ke kan gilashin shi ne Inna. Na san ni na tura, yatsana ma bai gama sauka ba, amma duk da haka tsigar jikina ta tashi. Na buɗe. Saƙon ya zauna a ƙarƙashin gaisuwar da take turo mini kowace Juma’a, wadda take farawa da “’yata” ta ƙare da Allah ya rufa asiri, wadda na daɗe ina ɗauka tawa ce ni kaɗai. Na kunna sabon. Mutane sun sha cewa muryarmu ɗaya da Inna, ban taɓa yarda ba sai ranar. Kuka ya sa muryata ta dushe ta yi kauri, sai ga Inna a kunnena tana ba da labarin mutuwarta.

Ban gama saurara ba na ankara da cewa ba wayata kaɗai ta yi ƙara ba. A daidai lokacin malama ta kai ƙarshen addu’a, tsakar gida ta yi tsit ana shafawa, kuma cikin shirun nan na ji ƙararrakin saƙo suna tashi daga jakunkuna, nan ɗaya, can ɗaya, kusan tare.

Na ɗaga gefen labule. Matar Yaya ta zaro wayarta, ta kalla, ta kifa ta a cinya da sauri. Wata ƙanwar babanmu ta duba tata, fuskarta ta canza, ta cusa ta ƙarƙashin mayafi. Amaryar maƙwabcinmu ma haka, da wasu biyu ko uku. Sai a lokacin na gane ’yan tsirarun da saƙona na jiya ya isa gare su. Mutanen gida ne, masu lambata, Inna ta ɓoye su a ƙarƙashin sunan baƙuwa. Jiya sanarwa ce daga ’yar mamaciya, ba wanda ya kula. Yau kuwa sunan mamaciyar ne ya fito a wayoyinsu a gaban jama’a.

Wata yarinyar mace da ke kusa da matar Yaya ta riga ta leƙa. Ta dafe ƙirji ta ce, “Innalillahi! Sunan Inna na gani.”

Goggo, yayar babanmu, tana zaune a kan kujera ’yar tsugune. Ita ba abin da ke wuce ta, kuma ta fi kowa sanin irin matan da Inna ke hulɗa da su. Ta laluba jakarta ta ciro tata wayar, ta duba, ba komai. Ta fara bin tabarmin da ido a hankali, tana tsayawa a kan kowace mace da ta taɓa jaka.

“To,” in ji ta, “wayar mamaciya tana aike, kuma tana zaɓe. Su wa da wa ta aika wa? Ni dai ban samu ba.”

Matar Yaya ta sunkuyar da kai. Aurensu ya daɗe ba haihuwa, Yaya bai san ta taɓa neman taimako ba, kuma Goggo ce mace ta ƙarshe da za a so ta sani. Tsoro ya kama ni, irin wanda ban ji ba ko lokacin da ake wa Inna wanka. Kwana ɗaya tak da binne ta, ga shi zan tona abin da ta yi rayuwarta tana rufewa.

Na leƙo na ce, “Goggo, ni ce. Sanarwar addu’ar uku nake tura wa dangi daga wayar Inna. Netwok ne yake ja, taki ma tana hanya.”

Na koma ciki na durƙusa a bakin gado. Na shiga neman sunayen dangi da maƙwabta a wayar, duk wadda na san tana zaune a waje, ina tura musu saƙon kai tsaye, biyar-biyar, don iyakar abin da wayar ke yarda a tura a lokaci ɗaya ke nan. Na fara da Goggo. Ina cikin haka amsoshin baƙi na nesa suka fara shigowa, kowace a nata layin, murya a kan murya. Ɗaya ta kunnu da kuskuren yatsana, wata mace tana kuka tana cewa, “Inna, ke ce? Inna, ki yi mini magana.” Na kashe, na ci gaba da turawa.

A waje wayar Goggo ta yi ƙara. Sai ta kusa da ita, sai ta can bakin rijiya, sai ta bayan murhu. Tsakar gida ta cika da ƙara, wasu suka kunna, muryar Inna tana fitowa daga ko’ina tana neman yafiya, wata ta riga wata da kalma ɗaya. Mata suka fashe da kuka gaba ɗaya, har maza suka leƙo daga zaure. Ban daina ba sai da na tabbata babu macen da ke da waya a gidan da ba ta samu ba.

Da na fito, Goggo tana share hawaye da gefen mayafi, tana faɗan cewa yaran zamani ba su da hankali, wa ya taɓa aike da wayar mamaci. Ta manta da ƙirgen da ta fara. Na ba ta haƙuri, na ce kuskure ne, na tafi ɗauko ruwa.

A bakin randa matar Yaya ta same ni. Ta karɓi moɗa daga hannuna kamar za ta sha, ta tsaya tana kallon ruwan. Can ta ce, murya ƙasa:

“Kin ga sunayen da ke ciki?”

Na ce, “Babu suna ko ɗaya a ciki. Ki sha ruwanki mu koma, ana jiranmu.”