Buhu Tara na Irin Wake

Ni na kawo shawarar a kai irin sito, don haka da ƙidaya ta nuna giɓi babu wanda ya tsaya tambayar wa zai je ya faɗa wa mai siton. A ƙungiyarmu ta manoman Kausani ni ne sakatare, ba don na fi kowa iya noma ba, sai don na taɓa koyarwa a firamare kuma biro ba ya rabuwa da aljihuna.

Waken na kawuna ne tun asali. Gonarsa ƙuduji, ciyawar nan mai shan jijiyar shuka, ya cinye ta, duk waken da ya shuka sai ya yi rawaya ya tsugune. Wata shekara ya samo kwano ɗaya na wani iri a gonar gwaji, ƙanana, fari mai jan hanci, yana nuna da wuri kuma ƙuduji ba ya kama shi. Shekara huɗu yana juya shi, yana ba maƙwabta su ma su juya, bai yarda an dafa ko cokali ɗaya a gidansa ba. A kaka ta huɗu, da aka haɗa na kowa, ya kai buhu goma sha biyu, wanda zai ishi gida arba'in su shuka.

Na san mutanenmu. Iri in yana ɗaki, azumi na zuwa zai koma ƙosai, abin da ya rage kuma biki ya kwashe. Na faɗa musu haka a taro, aka yi dariya, aka yarda. Kawu ne kaɗai bai yarda ba, da ma shi a jarka yake ajiye nasa, ya toshe bakin ya tura ƙarƙashin gado. Sai da na yi masa sintiri uku kafin ya saki. Muka zuba a buhuna masu leda ninki biyu, muka ɗaure, na zana wa kowane buhu da'ira da shuni, muka kai wani sito a Wudil, kusa da kasuwa. Aka ba ni rasit, aka rataya kati a jikin tarinmu mai cewa sha biyu.

Ka'idarmu ce a je a ƙirga kafin damina ta sauka. Na je wata ranar Talata, na tarar mai siton ya tafi ta'aziyya Darki, magatakardansa ya buɗe mini. Kati yana nan da sha biyunsa, babu inda aka rubuta fita. A kan katako kuwa buhu uku ne masu shuni. Na ƙirga da ido, na ƙirga da hannu, har na leƙa bayan katakon kamar buhun wake zai iya ɓuya a can. A gefe akwai babban tari na wani ɗan kasuwa, sababbin fararen buhuna marasa alama, ba a ganin cikinsa sai an rushe shi. Magatakarda ya ce shi bai san komai ba, bai yi wata biyu da fara aiki ba.

A gida na rubuta wasiƙa shafi biyu, irin wadda nake rubuta wa iyayen yara masu fashin makaranta. Akwai zafi a ciki, ni kuwa da ma ba a yabona da sanyin baki. Da safe na ninke ta na sa a aljihu, na hau babur.

Mai siton dattijo ne, sa'ar kawuna, shekara da shekaru yana ajiye wa mutane hatsi ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Na same shi a kan benci a bakin ƙofa. Na durƙusa, muka gaisa, na yi masa ta'aziyya, ya tambayi gida, ya tambayi kawu, ya tambayi zafi, ya sa aka kawo mini ruwa. Kafin mu gama gaisuwa wasiƙar ta jiƙe da gumi, na kuma san ba za ta fito ba.

Na ce, "Alhaji, jiya na zo ƙidaya. Abin da na gani bai yi daidai da kati ba. Kati ya ce sha biyu, ni uku na gani."

Ya dube ni ya ce, "Malam, cewa kake an taɓa kayanku?"

Na ce ban ce ba, kuma ba zan ce ba sai an sake ƙirgawa, da shi da ni a tsaye, a rushe tarin da ke gefe a duba buhu ɗaya-ɗaya, abin da aka samu mu sa hannu tare.

Na yi zaton zai yi faɗa. Sai na ga fuskarsa ta saki, har ya yi murmushi. Ya ce in kwantar da hankalina, waken yana nan. Bayan mun kawo da kamar wata ɗaya, ɓeraye suka huda tara daga ciki, waɗanda ke jikin bango. Buhu mai leda kuwa da zarar ya huje iska ta shiga, ƙwari za su tashi. Shi ne ya sayo sababbin buhuna da kuɗinsa, ya sa 'yan dako suka juye, aka sa ƙwayar magani, aka ɗinke. Haka yake yi wa kowa, ba ya ma faɗa, don a ganinsa abin kunya ne mutum ya zo ɗaukar kayansa ya tarar da ɓarnar ɓera. Na tambaye shi ko an mayar da shunin. Ya ce bai tuna ba, amma ai ya ce a jingine su daban a bayan tarin ɗan kasuwar. Na tambaya ko ɗan kasuwar ya ɗebi kaya tun daga lokacin. Ya ce ya ɗebi ɗari da hamsin cikin ɗari biyu, mota ta yi Kudu wata biyu da suka wuce. Yana faɗar haka murmushin ya tafi.

Juma'a ranar kasuwar Wudil ce, ba mai samun ɗan dako ko da kuɗinsa, don haka muka sa Asabar. Alhaji ya kira ɗan kasuwar a waya a gabana, ya nemi izinin rushe tarinsa, shi kuma ya ce sarkin 'yan dako ya tsaya a madadinsa. A ƙauye ban faɗa wa kowa ba sai kawu, shi ma don babu wanda ya kai shi sanin ƙwayar waken. Bai yi mini faɗa ba, ya dai tambayi ƙarfe nawa za mu tashi. Da ya zage ni da na fi samun barci.

Ranar Asabar aka share fili a tsakiyar sito, aka shimfiɗa katako. Alhaji ya tsaya a dama da littafinsa, ni a hagu da nawa, kawu a kan kujera a tsakiya da faranti a cinya. Kowane buhu ɗan dako ya sauko da shi, sarkin 'yan dako zai kira lamba da ƙarfi, mu biyu mu ja layi, sannan ya soka ƙarfen huda buhu ya zubo 'yan ƙwayoyi a farantin kawu. Duk goma sai mu tsaya mu gwada littattafai. Kawu zai motsa ƙwayoyin da yatsa, ya kaɗa kai, a mayar da su, a wuce da buhun.

Goman farko ban damu ba, ai gaban tari ne. A talatin na fara jin ƙishirwa. Manyan wake ne masu baƙin hanci, buhu bayan buhu. Da muka wuce hamsin, adadin da katin ɗan kasuwar ya nuna, na ɗan sa rai, domin ga saura a jikin bango, tara cif. Har Alhaji ya ce alhamdu lillahi a hankali. Aka huda na hamsin da ɗaya, kawu ya duba ya kaɗa kai. Haka na biyu, haka na uku. Daga nan sarkin 'yan dako ya daina ɗaga murya. A na ƙarshe kawu bai ko motsa ƙwayoyin ba, ya miƙa farantin.

Sarkin 'yan dako ya tuna abin da ya faru ba tare da an matsa masa ba. Ranar lodin, mota ta tsaya ta ƙofar baya, suka fara ɗiba daga bayan tari. Fararen buhuna ne duka, daga shago ɗaya, ɗinki ɗaya. Shi adadi aka ba shi, ɗari da hamsin, ya kuma cika shi.

Littafina da na Alhaji suka zo daidai. Hamsin da tara da uku, sittin da biyu, daidai da kati biyun in an haɗa su. Ko buhu ɗaya bai ɓace daga siton ba, babu ɓarawon da za a kama, babu wanda za a kai gaban dagaci. Na so in sami wanda zan huce a kansa, na duba ko'ina ban samu ba sai wanda ya zana alama a bayan buhu kawai bai jefa takarda a ciki ba, wato ni.

Aka sake kiran ɗan kasuwar. Ya yi salati, ya ce kayan tuni an sayar da su kwano-kwano a kasuwannin can, mu ɗebi tara daga nasa ko a sayar a ba mu kuɗin. Alhaji ya ce zai ƙara mana biyu daga aljihunsa. Muka rubuta takarda, cewa jimilla ta cika, amma buhu tara na iri sun fita cikin kuskure, an bar tara na ci a madadinsu. Na sa hannu, Alhaji ma ya sa. Ya durƙusa gaban kawu, dattijo da furfurarsa, ya ce a yafe masa, alheri ya nufa. Kawu ya ce ya sani, ya tashi.

Muka kwance ukun da suka rage. Biyu lafiya lau. Na ukun ashe shi ma ɓera ya taɓa shi ta ƙasa ba a lura ba, muna buɗewa ƙwari suka watsu, rabinsa gari.

A hanyar komawa, bayan mun bar kwalta, na yi ta lissafi da baki don in cika shirun. Na ce buhu biyu kwano tamanin ne, gida arba'in kowa ya sami biyu, in aka juya da kyau, in damina ta yi, in mutane suka sake yarda da ni, cikin shekara uku ko huɗu sai mu dawo inda muke. Ni kaina ban yarda da abin da nake faɗa ba. Kawu yana bayana a kan babur, ya riƙe ƙarfen kujera, na ji ya yi tari.

Ya ce, "Kwano biyuna ka ba wani mai sauran ƙarfi, ɗana. Ni shekara huɗun da nake da su na riga na ba waken nan."