Hoton Randuna Cike

Godiya ta tabbata ga Allah da ya rayar da kowane abu da ruwa, tsira da aminci su tabbata ga Annabinsa da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, shekarar da iyayen yara suka ɗora mini shugabancin kwamitin lakwal, wato makarantar bokon ƙauyenmu, gabas da Madarumfa, babu rijiya a harabarta. Da hantsi ya yi sai aji ya watse, yara su tafi neman ruwan sha cikin gari, rabinsu ba su dawowa. Maginin rijiya ya ce in ba a fara haƙa da bazara ba, lokacin da ruwan ƙasa ya ja baya, sai baɗi.

Direktan lakwal, wanda ɗan ƙanena ne, ya ce mu sa kiran taimako a zauren waya na 'yan garinmu da ke Maraɗi da Nijeriya. Ni zan tsara magana, shi zai ɗauki hoto.

Maganar ta tsaru, da falalar shayar da mai ƙishi da ladan sadaka mai gudana. Amma da na ji batun hoto, sai kunya ta kama ni, domin an rene mu a kan cewa ba a nuna wa baƙo tsiraicin gida. Na sa aka share fili, aka aro randuna aka cika su, yara suka zo da kayan Sallah. Na tsaya tsakiyarsu da rawani.

Direkta ya ce, "Baba, wannan ai walima ce."

Na ce, "Ɗauka dai, yaro. Mutunci ya fi ƙishi."

Amsoshi suka yi ta zuwa: masha Allah, gari ya ci gaba. Wani ɗan kasuwa daga Katsina ya tambaya a wace rana aka buɗe rijiyar. Ko buhun siminti babu wanda ya aiko. Uwargida ta ce, "Malam, ka yi bara da babbar riga mai aiki, wa zai ba ka?"

Tun da na ɓata, na ɗauki nauyin kai wa yara ruwa da amalanken jakina. Wata rana jakin ya ƙi tafiya a bakin lakwal, bido ɗaya, wato jarkar ruwa, ya faɗo ya fashe. Na tattare riga ina tura amalanke, ba hula, caɓi har gwiwa, yara sun kewaye ni da kofuna suna tarar abin da ke zuba. Direkta ya ɗaga waya ya ɗauki hoto. Na daka masa tsawa.

Ya ce, "Baba, in goge?"

Na dubi yaran, na dubi ƙafafuna. Na ce, "Aika. Amma kada ka rubuta Malam."

Ya rubuta Malam. Kafin hadarin farko siminti da ƙarfe sun iso, an haƙa, an ɗaure bakin rijiya. Har yau baƙon da ya zo daga Kano yakan ƙare mini kallo, ya ce kamar ya san ni.

Allah ya shayar da mai karatu da iyalansa daga tafkin Manzonsa, ya sa albarka a gidansa. Amin.