Batirin Lasifikar Masallacinmu

Ƙarfe huɗu da kwata na yammacin wata Juma'a, mu huɗu ne a ɗakin ajiyar masallacin unguwarmu a Gumel: liman, ladan, ni, da wani mai gyara daga Maigatari wanda muka koyi sana'a tare. Shekara tara ni ke kula da batirin lasifika. Albarkacinsa ake ce mini Injiniya, ake bar mini gurbi a sahun farko. Ranar kuwa, Juma'a ta uku ke nan muryar lasifika na shaƙewa ana tsakiyar huɗuba.

Na fara da tsarina. Na goge kan batiri, na ɗora mita, ta nuna bolt sha biyu da rabi. Na ce batiri lafiyarsa ƙalau, laifin na lasifika ne.

Mutumin Maigatari ya nemi izinin liman, nawa bai nema ba. Ya fito da ƙwan fitilar mota guda biyu a haɗe, ya jona, ya bar mitata a inda take. Ina kallo lamba ta zube zuwa goma da rabi. Da ya cire ƙwan, ta sake haurowa.

Ya yi wa liman bayani a tsanake, wai kowane batiri na da turjiya a cikinsa. Idan ya tsufa, farantan dalmar da ke ciki sukan yi ɓawo, hanyar wuta ta ƙuntata. In ba a jan komai turjiyar ba ta cin komai, shi ya sa mitata ta nuna lafiya. Da an ja wuta sai wani kaso na ƙarfin ya ƙare a ciki, ya zama zafi. Ya auna abin da ƙwan ke ja, amfiya goma. Faɗuwa bolt biyu, a raba da goma, sifili da ɗigo biyu ke nan na om, wato ma'aunin turjiya. Ya ce batiri mai lafiya irin wannan ko kashi ɗaya cikin goman haka ba zai kai ba.

Ladan ya dube ni yana murmushi. "Injiniya, ashe jakin naka a turke kake gwada shi, ba ka ɗora masa kaya."

Liman bai yi dariya ba, kuma wannan ya fi ƙona ni. Cewa ya yi, "Malam, Allah ya saka da alheri kan hidimar baya." Malam ya kira ni, ba Injiniya ba. Sannan ya miƙa wa baƙon mabuɗin ɗakin.

Mutumin nan ni na koya masa riƙe ƙarfen liƙi. Yanzu an canza batiri, duk Juma'a yakan zo a kan babur, murya na kaiwa har bakin kasuwa, ni kuma ina sahu na uku ina jira ta shaƙe. Na san zunubi ne, ina istigfari. Har yau ba ta shaƙe ba.

Washegarin ranar da aka ba shi mabuɗin na sayi ƙwan mota biyu a wani shago da ba a san ni ba. Mai karatu, in batirinka ya tsufa, kawo shi shagona: in auna shi a sake, in auna shi da kaya, in raba. Abu ɗaya nake roƙo, kada ka tambaye ni wanda ya koya mini.