Farin Ƙyallen Malam Buba

Ba ƙarar bindigogi ce ta fara sa wa Alhaji Ummaru tsoro ba. Kwana biyu ya ji ta, Asabar da Lahadi, a Fabrairun 2008 da 'yan tawaye suka shigo Injamena, yana kwance a ƙasa da iyalinsa. Tsoron ya kama shi ne ranar Litinin da hantsi, bayan sun haye gadar Shagwa cikin masu gudu zuwa Kusiri ta Kamaru, lokacin da amininsa Malam Buba ya tsaya ya miƙa masa wani ƙunshi.

"Riƙe mini. Zan leƙa Tukura, kwana uku shanun ba su sha ruwa ba. Ga Hansatu da yara, ku wuce, ku jira ni a Kusiri."

Ummaru ya san abin da ke ciki: farin ƙyallen da 'yan Tijjaniyya ke shimfiɗawa a tsakiyarsu idan suna wazifa. Buba muƙaddami ne, ko asibiti bai taɓa zuwa ya bar shi a hannun wani ba.

"Ni za ka ba wa bidi'arka?"

"Ai shi ya sa. Kai kaɗai na tabbata ba za ka ƙarar mini da albarkarta ba."

Ummaru mahauci ne a kasuwar Dembe, jikan maniyyatan da suka taso daga Katsina a ƙafa, guzuri ya ƙare musu a bakin kogin Shari. Buba Bafulatani ne, shi ke kawo masa shanu. Tare suke wazifa har shekarar 1994, da Ummaru ya fara zama wurin karatun Ahlussunna, ya ajiye wuridi. Bai bari Buba ya ji a bakin mutane ba. Da ƙafarsa ya je ya faɗa masa. Wata guda Buba yana aiko da shanu ba ya zuwa. Ranar da ya dawo, ya zauna a benci ya ce, "Zuba shayi, sannan ka kawo hujjarka."

Haka suka yi shekara goma sha huɗu. Ba a fara gardama sai an sha kofi na farko, kuma kiran salla ne ke yanke ta, ko a bakin wa take. Ummaru yakan ce ibadar da Annabi bai koyar ba, barinta ya fi. Buba yakan ce to a nuna masa inda aka hana salati da istigfari, ko an ƙayyade musu adadi. Ummaru bai taɓa zagin Shehun Buba ba, Buba bai taɓa ce masa maƙiyin Annabi ba, kuma ba sa yi a gaban 'ya'ya. Ran Maulidi Ummaru ba ya zuwa, Buba ba ya gayyatarsa, washegari a gaisa lafiya lau. Sun ɓata sau ɗaya, da Ummaru ya zafafa har kalmar shirka ta kuɓuce masa. Kafin la'asar ya je gida ya same shi. "Ra'ayina yana nan," in ji shi, "kalmar ce na zo janyewa."

A Kusiri suka sami gindin bishiya a filin wata makaranta. Waya ba ta shiga Injamena. Da la'asar ta yi sanyi, wasu dattawan zawiyar Buba suka zo, suna jin nauyin tambaya. Ummaru ya sake alwala, ya kwance ƙunshin, ya miƙa musu ƙyallen hannu biyu.

Hamisu, wani mahauci da suke masallaci ɗaya, ya matso. "Alhaji, taimako a kan bidi'a fa ke nan. Gara a yi wa yara inuwa da shi."

"Kayan mutum ne, Hamisu, kuma ya san abin da nake gani a kai da ya ba ni. In ya zo, ni da shi ne."

Ya koma nesa kaɗan ya zauna, bai shiga da'irar ba. Da suka gama, wani tsoho ya ce masa cikin murmushi, "Ko an dawo gida ne, Alhaji?"

"Ina nan inda nake, Baba. Ku dai sa shi a addu'a, ni ma ina sa shi a tawa."

Kullum da yamma haka ake yi: su karɓa, su naɗe, su dawo masa da shi. Da safe kuwa yakan rataya ƙunshin ya tafi bakin gadar Ngeli da ake hayowa Kusiri ta kanta, yana tare duk wanda ya fito ta wajen Tukura. Wani ya ce ya ga garken, ba kowa tare da shi. Wani ya ce an tsare mutane a hanya. Hansatu matar Buba ta daina tambayarsa da baki, fuskarsa kawai take dubawa idan ya dawo.

Yau kwana shida. Jama'a sun fara komawa, amma Ummaru ya ce ba zai motsa ba, tunda nan Buba ya ce su jira shi. Hamisu ya tafi Tukura a kan keke tun da sassafe. Bai dawo ba tukuna, kuma har yanzu ba wanda ya san ko Malam Buba yana da rai.