Makullin Munzali

Munzali Auta ya shekara goma sha tara yana tuƙa injina a kamfaninmu na casar shinkafa, nan bakin hanyar Kaduna, kuma ban taɓa jin ya ce wa wani a'a ba. Ari babur ɗinsa ka tafi Randagi, shi zai ba ka haƙuri don man ba yawa. Ina ƙaunarsa, amma halin nan yana ba ni haushi.

Bana aka kawo sabon tsari: allon kwamfuta guda a ɗaki, daga nan ake kunna komai. Injiniya Helen ta zo daga Kaduna da jadawalin mako huɗu, ta ce wanda ba ta sa masa hannu ba ya bar tuƙi ke nan, sai ɗinkin buhu.

Makon farko kallo muka sha, muna koyon abin da kowace ƙararrawa ke nufi. Na biyu muka yi ta danne-danne a kwamfutarta, wadda ba ta haɗe da injin ko ɗaya. A nan ta nanata mana cewa shirun inji yanzu ba ya nufin ya mutu, yana iya tashi da kansa. Kafin ka sa hannu a cikin inji, ka kashe babban makunninsa, ka kulle shi da kwaɗonka, ka gwada kunnawa ka ga bai tashi ba. Makullin kuma ya zauna a aljihunka.

Mako na uku muka fara tuƙi tana tsaye a kanmu. Munzali ya kulle injin da ke hawar da shinkafa sama, ya duƙa yana cire cushe. Gabriel, shugaban aikinmu, ya ce, "Kawo makullin in riƙe maka." Ya miƙa da hannu biyu! Ashe Helen ce ta turo shi.

"Malam Munzali," in ji ta, "hannunka ka ba shi. Saura dama ɗaya."

Mako na huɗu, ran Laraba, injin ya sake cushewa. Munzali na cikin aiki sai ga Alhaji Abdulsalam, mai kamfanin, wanda ya ɗauke shi aiki tun yana saurayi. Mota na jiran kaya, kuma wannan karon ba gwaji ba ne.

"Ba ni makullin a gwada, ai cushen ya fita," in ji Alhaji.

Munzali ya durƙusa har ƙasa.

"Ranka ya daɗe, a gafarce ni. Ban gama ba."

"Ni kake hanawa?"

"A gafarce ni, Alhaji."

Minti ashirin Alhaji na tsaye, fuska a murtuke, har aka mayar da murfin injin. Ran Juma'a Helen ta sa wa Munzali hannu. Alhaji kuwa sati biyu bai amsa gaisuwarsa ba, amma kullum da safe Munzali sai ya je ya durƙusa ya gaishe shi.