Mata Bakwai a Lambar Mai Injin Niƙa

Ranar da ruwan farko ya sauka a Kwatarkwashi, ina Gusau a ofishin ƙungiyar manoma, na dafe kai a gaban kwamfuta. Motar iri na hanya, ga shi rajistar da za a raba irin da ita ba ta haɗu ba. Dokar ƙungiya kuwa a fili take: wanda ba a kira sunansa ba, ko tiya ɗaya ba zai samu ba.

Ma'aikatanmu na Tsafe da Bungudu suna shiga ƙauyuka da tabulet, su rubuta manomi, su ba shi kati mai lamba. Ni na rubuta ɗan shirin kwamfuta da zai kwaso abin da ke cikin tabulet ya daidaita shi da babbar rajistar Gusau, sannan ya mayar wa kowace tabulet rajistar da aka daidaita. Na kuwa ji kaina. Don kada mutum ɗaya ya fito sau biyu, na ce wa shirin duk inda lambar waya ta zo ɗaya, mutum ɗaya ne.

Alhaji shugabanmu ya leƙo da safe, carbi a hannu.

"Ɗiyata, mi ake jira? Danna abin ga mu buga takarda."

"Alhaji, sai na gwada a kan kwafi."

"Gwaji kuma? Ƙasa ta jiƙe hwa!"

Na kwafi rajistar Gusau da ta tabulet ɗin duka na zuba su gefe, inda ko sun lalace babu asara. Sai na kunna shirin a yanayin gwaji, wato ya rubuta duk abin da zai yi ba tare da ya taɓa komai ba. Rahoto ya fito: ga waɗanda zai ƙara, ga waɗanda zai sabunta, waɗanda zai share kuwa babu ko ɗaya. Wallahi sai da na yi murmushi. Na ga sabuntawar ta yi yawa, amma na ce ai gyaran sunayen ƙauyuka ne. Jimillar kawai na duba, ban bi layukan ba.

Saura mataki ɗaya da na saba. Na bar shirin ya yi aikin gaske a kan kwafin, sannan na kira Malam, jami'inmu na Bungudu, wanda ya zo ofis ranar. Dattijo ne da ba ya yarda da kwamfuta ko kaɗan, kullum yana yawo da guntayen katunan rajista ɗaure da roba a jakar fata.

"Malam, zaro mini guda ashirin, kada ka zaɓa."

"To, mai na'ura. Yau takarda ta yi rana ke nan?"

Yana karanta lambar kati, ina nemowa a kwafin, muna gwada suna da ƙauye da girman gona. Katunan 'Yankuzo ba sa hannunsa, sai da muka kira jami'in Tsafe ya karanto mana biyar ta waya. Duk suka dace. Alhaji na tsaye bakin ƙofa yana duba agogo, direban motar iri ya kira shi sau biyu. A kati na sha bakwai na Malam na buga lamba, kwamfuta ta ce babu.

Na sake bugawa. Babu.

"Wace ce?" Muryata har ta canza.

"Inna ce ta Karakkai. Mijinta ya rasu bara, jikoki huɗu take riƙo. Ni na rubuta ta da hannuna."

Na buɗe ainihin bayanan tabulet ɗin Bungudu, ga Inna nan daram. Na nemi lambar wayar da ke gaban sunanta a cikin kwafin da shirin ya yi aiki a kai, sai ga sunan wata mata daban. Na koma tabulet na nemi lambar: mata bakwai, lamba ɗaya.

Malam ya leƙo ta saman tabarau. "Ai lambar mai injin niƙa ce. Wa ya ba su waya? In saƙo ya zo, shi ka faɗa musu in sun kawo niƙa."

Innalillahi. Shirina ya ɗauki ta farko, ya ga ta biyu da lamba iri ɗaya, ya rubuta ta a kanta, ta uku a kan ta biyu, har ta bakwai ta rage ita kaɗai. Shi a wurinsa bai share kowa ba, sabuntawa ya yi, shi ya sa rahoton ya fito fes. Da na danna a kan rajistar gaske, da ya mayar wa tabulet ɗin wannan ɓarnar, Inna ta ɓace a Gusau, ta ɓace a Bungudu. Kuma ni da na girma a gidan da wayar babanmu ce ta kowa, ni na yi wannan wautar. Kunya ta kama ni har wuya.

Alhaji ya ce, "To a ƙara su shidan da suka ɓace da biro, a wuce."

Nan fa na kasa riƙe bakina. "Alhaji, kati ashirin muka zaro muka samu wannan. Gidaje nawa ne mata ke ba da lambar miji? Ka san adadinsu? Ni ban sani ba, kuma ba zan danna ba."

Ban taɓa ɗaga masa murya ba. Ya ce in ƙasa ta bushe kafin a yi shuka, ni zan je in yi wa mutane bayani. Na ce na ji.

Gyaran kansa bai ɗau lokaci ba: na sa shirin ya bi lambar kati maimakon ta waya, in kuma ya ga zai canza sunan mutum, ya tsaya ya tambaya. Gwajin ne ya ci lokaci. Na zubar da kwafin da ya lalace, na ɗauki sabo, na sake kunna gwaji, wannan karon na bi layukan sabuntawa ɗaya bayan ɗaya har idona ya yi ja. Na ƙirga mutanen da ke cikin tabulet, na ƙirga na kwafi. Washegari Malam ya zaro wasu katunan, na sa ya haɗo da na matan nan bakwai da gangan. Rana kuwa ta buɗe tana ƙwallewa, duk wanda ya shigo sai ya kalli sama ya kalle ni. Motar iri ta kwana biyu a tasha. Sai da na adana kwafin ajiya na komai, sannan na saki shirin a kan tabulet ɗaya tak, muka duba, kana sauran suka bi.

Ranar rabo na bi su Karakkai. Saman ƙasa ya fara bushewa, mutane ransu a ɓace. Malam na kiran suna a gindin bishiya kusa da injin niƙa, ni kuma ina riƙe da takarda ina bi da yatsa. Da ya kira Inna, wata 'yar tsohuwa ta taso da ƙwarya a hannu, ta dangwala yatsa, ta karɓi irinta. Wani ya nuna mata ni. Ta tsaya ta ƙare mini kallo sama da ƙasa.

"Ke ce mai kwamfutar da ta ɓata muna kwana biyu?"

"Ni ce, Inna. A yi haƙuri."

"Allah shi shirye ku, yaran zamani."

Na ce amin. Ta ɗora ƙwaryar a ka ta nufi gona, Malam ya kira ta biyu a cikin bakwai ɗin.